Yadda ake lissafin narkewar gishiri mai wuyar narkewa daga Ksp

Tambaya: An ba ni Ksp na kalsiyam fuloraid a matsayin 3.9 × 10⁻¹¹ a zafin 25 °C, an ce in nemo yawan gishirin da zai narke a cikin lita ɗaya ta tsantsar ruwa. Ta ina zan fara?

Amsa: Kafin a taɓa kalkuleta, a fara rubuta yadda gishirin yake rabuwa zuwa ayon idan ya shiga ruwa, domin duk lissafin da zai biyo baya daga wannan layi ɗaya yake fitowa:

CaF₂(s) ⇌ Ca²⁺(aq) + 2F⁻(aq)

Layin yana nuna cewa duk mol ɗaya na gishirin da ya narke yana sakin mol ɗaya na ayon ɗin kalsiyam da mol biyu na ayon ɗin fuloraid. Idan ruwan ya ƙoshi, wato ya ɗauki iyakar abin da zai iya ɗauka har sauran gishirin ya kwanta a ƙasa, ninkin yawan ayon ɗin biyu yana tsayawa a kan adadi guda da ake kira Ksp, yana kuma bin wannan ƙa'ida:

Ksp = [Ca²⁺][F⁻]²

Bakan nan mai kusurwa yana nufin adadin mol a cikin lita ɗaya. Gishirin da ya kwanta a ƙasa ba ya shiga lissafin, ko kaɗan ne ko mai yawa.

Sai a kira adadin mol na gishirin da ya narke a lita ɗaya da harafin s. Ke nan [Ca²⁺] = s, sannan [F⁻] = 2s. Idan aka mayar da su cikin ƙa'idar, za a samu:

Ksp = (s)(2s)² = 4s³

A raba 3.9 × 10⁻¹¹ da 4, abin da zai fito shi ne s³ = 9.75 × 10⁻¹². Abin da ya rage shi ne nemo lambar da idan aka jera ta sau uku aka ninka za ta ba da wannan adadi, kuma ita ce s = 2.14 × 10⁻⁴ mol/L. In ana son amsar a giram, sai a ninka ta da nauyin mol ɗaya na CaF₂, wanda yake 78.1 g/mol, a samu kimanin 0.017 g/L, wato miligiram 17 kacal a lita guda.

Tambaya: Me ya sa lambar 2 ta fito har sau biyu? An ninka s da 2, an kuma ɗora 2 a sama. Wannan ba ƙirga abu ɗaya sau biyu ba ne?

Amsa: Ba haka ba ne, domin kowace 2 aikinta daban, duk da cewa daga wuri ɗaya suka fito. Ta farko, wadda ke cikin 2s, ƙidaya ce kawai: tana faɗin yawan fuloraid da ke cikin ruwan, tun da kowane CaF₂ ɗaya fuloraid biyu yake saki. Ta biyu, wadda ke sama, ta zo ne daga dokar daidaiton sinadarai, wadda ta ce a ninka yawan kowane ayon da kansa gwargwadon lambar da ke gabansa a layin rabuwa. Wannan doka ba ruwanta da inda fuloraid ɗin ya fito; ko daga wani gishiri dabam ya zo, sai an ninka yawansa da kansa.

A nan ne yawancin ɗalibai suke tuntuɓe. Wanda ya manta da 2 ta farko zai rubuta Ksp = s³, ya samu 3.4 × 10⁻⁴, amsar da ta yi kusa da ta gaskiya har ba za ta ba shi tsoro ba, shi ya sa ma kuskuren yake saurin wucewa ba a lura ba. Hanyar kama shi mai sauƙi ce: a mayar da amsar cikin ƙa'idar farko. Da amsar da ta dace, (2.14 × 10⁻⁴)(4.28 × 10⁻⁴)² yana ba da 3.9 × 10⁻¹¹, daidai da Ksp da aka fara da shi. Amsar da ba ta komo da Ksp ba, akwai gyara a cikinta.

Tambaya: To, duk gishirin da Ksp nasa ya fi ƙanƙanta shi ne ya fi wuyar narkewa?

Amsa: Hakan yana tabbata ne kawai tsakanin gishirin da suke rabuwa iri ɗaya. Ga AgCl, wato kuloraid na azurfa, wanda Ksp nasa 1.8 × 10⁻¹⁰ ne, ayon biyu ake samu, don haka Ksp = s², kuma s = 1.3 × 10⁻⁵ mol/L. Shi kuwa Ag₂CrO₄, wani gishirin azurfa dabam, yana da Ksp na 1.1 × 10⁻¹², wanda bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na AgCl ba, amma ayon uku yake saki, don haka ƙa'idarsa 4s³ ce, kuma s = 6.5 × 10⁻⁵ mol/L. Wato mai ƙaramin Ksp ɗin ya fi ɗayan narkewa kusan sau biyar.

Tambaya: Idan ba tsantsar ruwa ba ne fa, a ce an riga an narkar da NaF a cikinsa har 0.10 mol/L?

Amsa: Ksp ba ya canzawa muddin zafin ruwan bai canza ba, amma s tana canzawa ƙwarai. Sodiyam fuloraid yana narkewa gaba ɗaya a wannan adadi, saboda haka akwai fuloraid 0.10 mol/L a cikin ruwan tun kafin CaF₂ ya taɓa shi. Yanzu [Ca²⁺] = s har yanzu, amma [F⁻] = 0.10 + 2s. Da yake mun san 2s ba ta kai komai ba ko a tsantsar ruwa, ana iya ɗaukar [F⁻] a matsayin 0.10 kawai:

3.9 × 10⁻¹¹ = s(0.10)²

Daga nan s = 3.9 × 10⁻⁹ mol/L, wato narkewar ta ragu fiye da sau dubu hamsin. A kula, ba a ninka 0.10 da 2 ba, domin wannan fuloraid daga NaF ya fito, kuma NaF ɗaya-ɗaya yake sakin sa. Bayan an gama, wajibi ne a duba ko watsi da 2s ya halatta. A nan 2s ita ce 7.8 × 10⁻⁹, ba ta kusa da 0.10 ba ko alama. Al'adar da ake bi ita ce idan abin da aka watsar ya wuce kashi 5 cikin 100 na abin da aka bari, sai a koma a warware lissafin a cikakke.

Tambaya: Amsar da aka lissafa tana yin daidai da abin da ake aunawa a ɗakin gwaji?

Amsa: Ga CaF₂ a tsantsar ruwa, tana kusa sosai, domin abin da ake aunawa kimanin miligiram 16 ne a lita. Sai dai lissafin ya ginu ne a kan zaton cewa ayon ɗin da suka fito suna zama yadda suke, ba sa haɗuwa da wani abu. Inda wannan zato ya karye, gishirin yakan narke fiye da yadda lissafi ya nuna. A ruwa mai asid, F⁻ yana kama H⁺ ya koma HF, yawan fuloraid ya ragu, sai ƙarin CaF₂ ya narke don cike gurbin. Haka AgCl yake yi a cikin amoniya, inda ayon ɗin azurfa yake haɗuwa da NH₃. Har ma kuloraid, wanda kaɗan daga cikinsa ke rage narkewar AgCl, idan ya yi yawa ainun yakan haɗu da azurfar ya samar da AgCl₂⁻, narkewar ta sake ƙaruwa. A ruwan da ke ɗauke da wasu gishiri masu yawa kuma, ayon ɗinsu suna kewaye Ca²⁺ da F⁻ suna rage musu jan juna, saboda haka 3.9 × 10⁻⁹ da muka samu a ruwan NaF ƙiyasi ne da ya gaza ainihin adadin. Littattafai ma sukan saɓa a kan Ksp na gishiri ɗaya, don haka a yi aiki da wanda aka bayar a tambayar, a kuma tsayar da amsar ƙarshe a kan lambobi biyu kamar yadda Ksp ɗin yake, wato 2.1 × 10⁻⁴ mol/L ga CaF₂ a tsantsar ruwa.