Kundin kalmomi a doguwar fassara: tambayoyi da amsoshi

Malam, ina fassara littafin horar da wakilan lafiya na ƙauyuka daga Faransanci zuwa Hausa, a nan Tawa. Babi 12 ne, kuma sai dare ko ranar hutu nake samun zama. Da na kai babi na 7 sai na ga abu guda na kira shi da suna uku. Yaya zan yi?

Malama, ki dakata da babi na 7 tukuna, ki ba kundin kalmomi yini guda. Kundin nan takarda ce da kike rubuta hukuncin da kika yanke a kan kowace kalma mai nauyi, don kada ki sake yanke wani daban bayan mako uku, lokacin da kin manta dalilin na farko. Ƙamus yana jera miki duk abin da kalma take iya nufi. Kundi yana faɗa miki abu guda da za ki rubuta a cikin wannan littafi.

A littafin lafiya wannan magana ce ta rai. A tsarin da ake bi a Nijar, ana auna damtsen yaro mai wata 6 zuwa 59 da zare mai launi uku. Idan awon ya kasa milimita 115, ja ke nan, tamowa mai tsanani. Daga 115 zuwa ƙasa da 125, rawaya, tamowa matsakaiciya. Yaro mai tamowa mai tsanani wanda yake cin abinci kuma ba wata cuta tare da shi, ana kula da shi a sashen CRENAS na cibiyar lafiya ta CSI, uwa ta karɓi abincin magani ta koma gida da shi. Wanda ya ƙi ci, ko yana da wata cuta a kai, shi ne ake kwantarwa a CRENI, a asibitin gunduma. To, idan a babi na 3 kin kira CSI "asibiti", a babi na 7 kuma kin kira asibitin gunduma "asibiti", wakilin da ya karanta "a tura yaron asibiti" ba zai san inda ake nufi ba. Yana iya aika yaron da ke buƙatar kwanciya wurin da ba gadon kwantar da shi, kuma a ƙauyukan Adar wannan kuskure yana iya cin yini guda na tafiya.

Waɗanne kalmomi zan saka a ciki? Ai ba zan rubuta duka ba.

Kada ma ki gwada. Kundin da ya cika da kalmomi irin su ruwa, uwa da gida, ba mai buɗe shi. Abin da nake tambayar kaina game da kowace kalma shi ne: idan na sauya ta a wani babi, mai karatu zai ɗauka wani abu daban ake nufi? Idan amsar i ce, ta shiga.

Mafi muhimmanci su ne kalmomin da suke tafiya biyu-biyu ko uku-uku, waɗanda Faransanci ya raba amma bakin mutane ya haɗe. Zafin jiki alama ce, zazzaɓin cizon sauro cuta ce, amma a hira duka biyun "zazzaɓi" ko "masassara" ake ce musu. Haka wuraren jinya guda uku, wato ɗakin shan magani, CSI da asibitin gunduma, haka matakan tamowa. Irin waɗannan a yanke hukuncinsu tare, a zama ɗaya, domin sunan da kika ba ɗaya shi ke nuna abin da ya rage wa ɗayan. Bayan su sai sunayen muƙamai, gajerun sunaye irin CSI, da ma'aunai. A littafi mai shafi ɗari da wani abu, kalma 60 zuwa 100 sukan isa.

Me ake rubutawa a gaban kowace kalma?

Layi ɗaya, gida uku: kalmar Faransanci, ta Hausa, sai bayani. Ga yadda nake tsara nawa, da maɓallin `Tab` tsakanin gidajen:

```
malnutrition aiguë sévère	tamowa mai tsanani	mace; MAS; banda: muguwar tamowa
malnutrition aiguë modérée	tamowa matsakaiciya	mace; MAM
fièvre	zafin jiki	alama; banda: zazzaɓi shi kaɗai
paludisme	zazzaɓin cizon sauro	cuta; a rubuta a cike kullum
case de santé	ɗakin shan magani	banda: asibiti
CSI	cibiyar lafiya ta CSI	mace; banda: asibiti
hôpital de district	asibitin gunduma	nan CRENI yake
```

MAS da MAM gajerun sunayen matakan tamowa ne a Faransanci. Gida na uku shi ne ainihin kundin, kuma shi mutane suka fi bari fayau. Abu uku nake sawa a ciki. Na farko jinsin kalmar, namiji ko mace, saboda a Hausa jinsi yana bin kalma har cikin aikatau: tamowa tana kama yaro, zazzaɓi yana kama shi. Na biyu kalmomin da na ƙi, waɗanda na sa wa "banda". Su ne kalmomin da hannu zai rubuta da kansa ranar da aka gaji, kuma su za ki nema daga baya lokacin bincike. Na uku dalili, ko da kalma biyar ce. Hukuncin da ba a rubuta dalilinsa ba, bayan wata biyu ke da kanki za ki rushe shi, kina ganin kin samo wanda ya fi.

A saman kundin kuma ki rubuta ƙa'idar rubutu da kika zaɓa. Dokar rubutun Hausa ta Nijar ta shekarar 1999 tana amfani da ƴ, a Najeriya kuwa 'y ake rubutawa. Ki tsaya a kan guda. Haka batun karin harshe: mutanen Adar suna cewa "tahi", daidaitacciyar Hausa tana rubuta "tafi". Ki tambayi masu littafin wa zai karanta shi, na Tawa kaɗai ko har Maradi da Damagaram, sannan ki rubuta amsar a nan.

Sai na samu wata manhaja ta musamman?

A'a. Tebur a Excel ko LibreOffice ya wadatar, har littafin rubutu ma ya fi babu, sai dai ba a iya bincike a cikinsa da sauri. Idan kina so, akwai OmegaT, kyauta ce kuma tana aiki ba tare da intanet ba. Tana karanta fayil mai suna `glossary.txt` a irin tsarin da na nuna a sama, kuma duk jimlar da ke ɗauke da kalmar kundi, za ta nuna miki fassararta a gefe. Ki adana fayil ɗin a `UTF-8`, in ba haka ba ƙ, ɗ, ɓ da ƴ za su lalace. Tunatarwa kawai take yi, rubutun yana hannunki. Kwafi ɗaya tak ya zama na aiki, ki riƙa ajiye madadinsa a waya ko wani wuri a ƙarshen kowane zama.

Yaya zan yi amfani da shi a kowane zama, tunda lokacina kaɗan ne?

Minti goma na farko na kundin ne. Ki karanta shi daga sama har ƙasa, sannan ki karanta shafi biyu na ƙarshe da kika fassara, don kunnenki ya koma kan muryar littafin. Sabuwar kalma in ta fito, ki shigar da ita nan take, kafin ki wuce jimlar. Wadda ba ki gamsu da ita ba ki sa mata alamar tambaya, amma ki ci gaba da amfani da ita ita kaɗai har ranar da za ki tambayi ma'aikacin lafiya. Kalma mai rauni da aka riƙe a ko'ina tana gyaruwa cikin awa guda. Kalmomi uku masu kyau da suka warwatsu a babi bakwai sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

To babi shida da na riga na gama fa? Kuma idan daga baya na gane kalmar da na zaɓa ba daidai ba ce?

Hanyar guda ce, bari mu bi ta da misali. A ce tun farko kin rubuta "rashin abinci mai gina jiki mai tsanani", sai ungozoma a CSI ta ce miki iyaye mata "tamowa" suka sani, kika yarda. Ki fara da kundin: ki sauya gida na biyu, ki mayar da tsohuwar kalmar cikin "banda", ki rubuta kwanan wata da dalili. Sannan ki buɗe babi na 1.

Kada ki danna maɓallin da ke sauya duka a lokaci guda. "Rashi" namiji ne, "tamowa" mace ce. Jimlar "rashin abinci mai gina jiki mai tsanani yana kashe yara" za ta koma "tamowa mai tsanani yana kashe yara", kuma "alamominsa" da ke jimla ta gaba zai zauna yadda yake, alhali "alamominta" ya kamata. Ki yi amfani da `Ctrl+H`, amma ki riƙa amincewa ɗaya bayan ɗaya, kina karanta jimlar da wadda ke biye da ita.

Bayan haka sai ƙidaya. Ki nemi kalmar a Faransancin da `Ctrl+F`, cikakkiyarta da gajeren sunanta, `MAS`, kina zaɓar a nemo cikakkiyar kalma da manyan haruffa don kada ya kamo wasu kalmomin. A ce kin samu 41. A Hausar ki cire zaɓin cikakkiyar kalma, ki nemi `tamowa`, domin ya kamo "tamowar" ma, sannan ki ƙirga waɗanda "mai tsanani" ke biye da su kaɗai. A ce masu tsanani 33 ne. Saura 8 ke nan, kuma kowanne sai kin gan shi da idonki. Wasu za ki tarar lafiya lau suke, inda Hausa ta ce "ita" ko "cutar" maimakon maimaita suna. Sauran su ne inda kika zame, kika rubuta "muguwar tamowa" ko "ciwon yunwa". Ki kuma lura da rubutun haruffa: idan a wani zama kin yi aiki a injin da ba shi da ɓ, kika rubuta "zazzabi" ko "zazzab'i", binciken "zazzaɓi" ba zai same su ba. Ki nemi `zazza` kawai.

Mu biyu ne za mu ƙarasa aikin, abokiyar aikina tana Yamai. Wa zai riƙe kundin?

Mutum ɗaya. Ku duka kuna iya kawo shawara, amma ɗayarku kaɗai ke sauya layi. Idan ke ce, ita ta tara sababbin kalmominta ta aiko miki, ki shigar, ki mayar mata da sabon kwafi mai kwanan wata a sunan fayil ɗin, kamar `kundi-03-14.txt`, ta goge tsohon. Kafin ta fara babinta na farko, ku fassara shafi guda iri ɗaya kowa shi kaɗai, ku gwada. Duk inda kuka saɓa a kalma mai nauyi, layi ne da kundin bai samu ba tukuna, sai ku ƙara shi kafin ta ci gaba.