Cikin Ƙarya

Cikin ƙarya lalura ce da mace ke jin dukkan alamomin juna biyu, ta kuma sakankance tana ɗauke da ciki, alhali mahaifarta babu komai. Sunan yana da ɗan rashin adalci, domin matar ba ƙarya take yi ba. Al'adarta takan ɗauke ko ta ragu, ta yi laulayi da amai, nononta ya cika har ya tsatso ruwa, cikinta ya fito. Da yawa sukan ji motsi, wasu ma har naƙuda takan taso musu.

Lalurar ta fi kama matar da ta daɗe tana neman haihuwa, ko wadda ta sha ɓari, ko wadda ɗanta ya rasu. Tsananin tsoron ɗaukar ciki ma yana jawo ta. Doguwar damuwa tana taɓa sashen ƙwaƙwalwa mai sarrafa sinadaran haihuwa, sai sakin ƙwai ya rikice, al'ada ta tsaya. A jikin wasu, furolaktin, sinadarin da ke sa nono ya kawo ruwa, yakan ƙaru. Mace ta ga wata ya wuce babu jini, ta ga rigarta ta jiƙe a ƙirji, sai zatonta ya ƙarfafa, zaton kuma ya ƙara rura alamomin. Girman cikin kuwa daga iska ne da taurin bayan gida da kitse, tare da yadda take gantsarewa ba da saninta ba. Motsin da take ji na hanji ne. An lura cewa idan aka yi wa irin wannan mata allurar barci, cikin yakan saɓe.

Sarauniya Mary ta Ɗaya ta Ingila ta auri Philip na Sifen a Yulin 1554. A Satumba, tana da shekara 38, al'adarta ta ɗauke, ta yi ƙiba, tana tashin zuciya. A Afrilun 1555 ta keɓe a fadar Hampton Court tana jiran haihuwa, har jita-jita ta bazu cewa ta sauka, aka kaɗa ƙararrawa a Landan. Zuwa Yuli cikin ya saɓe, babu jariri.

A yau ganewa ba wuya. Gwajin fitsari ko na jini ba ya nuna hCG, sinadarin da mabiyiya ke samarwa. Hoton ciki yana nuna mahaifa wayam, babu bugun zuciyar ɗan tayi. Dole likita ya bincika ko ƙari ne a mahaifa ko a ma'ajiyar ƙwai, ko ruwa ne ya taru, ko wani magani ne ya ɗaga furolaktin.

Abu mai wuya shi ne sanar da ita, domin a wurinta rashin ɗa ne, kuma baƙin cikinta na gaske ne. Ana nuna mata hoton cikin tsanaki, a haɗa ta da masanin halayyar ɗan'adam, a magance damuwar, wani lokaci a ba ta maganin dawo da al'ada. Idan aka gaya mata da gatse, takan koma wurin wani likita neman wanda zai gaskata ta. Lalurar kuma tana iya dawowa, kamar yadda ta dawo wa Mary a 1557.