Yadda ake bin sawun hoto kafin a tura kuɗi ko a ba da zuciya

Wata mai sayar da leshi a Instagram ta ce in tura rabin kuɗi kafin ta aiko min da kaya. Hotunanta sun yi kyau ƙwarai. Ta yaya zan san nata ne?

Ki tambayi intanet inda ta taɓa ganin hoton. Maimakon ki rubuta kalma ki nemi hoto, hoton za ki bayar, injin bincike ya nemo miki shafukan da ke ɗauke da shi. Kyauta ne, kuma da wayar da ke hannunki ake yi.

Fara da adana hoton. Idan manhajar ba ta ba da damar saukewa ba, ɗauki hoton allon wayarki, sannan ki yanke gefe da gefe har sunan shafin da alamar batir da rubutun ƙasa su fita, ya zama leshin kaɗai ya rage. Wannan yankan yana da amfani, domin idan kika bar tarkacen allon, injin zai iya karkata ga rubutun ya manta da kayan. Daga nan buɗe manhajar Google, ki taɓa alamar kyamara da ke cikin akwatin bincike, wato Google Lens, ki zaɓi hoton daga ma'ajiyar wayar. Idan a Chrome kika ga hoton, danna shi ki riƙe, zaɓin bincikarsa da Lens zai fito.

Abin da zai fara bayyana kaya ne masu kama da naki, kuma nan mutane da yawa ke ruɗewa. Leshi mai kama da wannan ba shi ne kike nema ba. Ki nemi sashen da aka rubuta Exact matches, shi ne ke nuna inda ainihin wannan hoton ya fito: ninkin yadin iri ɗaya, inuwa iri ɗaya, tayil ɗin ƙasa iri ɗaya.

Kada ki tsaya a Google kawai. Ki kai hoton tineye.com, sannan yandex.com/images. Kowannensu da rumbunsa, abin da wani bai gani ba wani ya gani. Kuma hoto uku ko huɗu za ki gwada daga shafin nata, har da tsofaffin da ke can ƙasa.

Na gwada, na ga hoton a wasu shafuka har biyar. Ke nan 'yar damfara ce?

Kada ki yi saurin yanke hukunci. Abin dubawa shi ne wane irin hoto ne, da kuma abin da ta ce a kansa.

Akwai hoton talla na kamfani, irin wanda ake ɗauka da farin bango da haske mai kyau. 'Yan kasuwa da yawa masu gaskiya suna ɗauko irinsa daga wajen dillalin da suke sara, ko daga Alibaba da AliExpress, su saka a shafinsu. Ganin irin wannan a shafuka ashirin ba ya nuna sata, yana nuna miki dai cewa har yanzu ba ki ga kayan da ke hannunta ba. Akwai kuma hoton da ke iƙirarin wani abu: ga shagona, ga kayan da suka iso yau, ga kwastomata sanye da ɗinkinmu. Wannan idan ya fito a shafin wani daban, to an yi ƙarya, kuma ƙarya ce a kan abin da za ki biya kuɗi dominsa.

Mu ɗauki misali. A ce shafin ya rubuta cewa shagonsu na Kantin Kwari a Kano, ya saka hoton kanta cike da leshi da rubutun "sabbin kaya sun sauka". Kin saka hoton a TinEye, kin sauya jerin sakamakon zuwa Oldest domin mafi daɗewa ya hau sama. Sai ga hoton a shafin wata mai shago a Legas tun shekara uku da suka wuce. Ki buɗe shi ki ajiye su gefe da gefe. A na Legas, akwai sunan shago da lambar waya a kusurwar dama ta ƙasa. A wanda aka nuna miki, daidai wannan kusurwar an yanke ta, ko an ɗora wani tambari a kai. Na Legas ya fi faɗi, ana ganin fanka da ƙofar shago, kuma ya fi fitowa tar. Naki ya ɗan dushe, domin duk lokacin da aka kwafi hoto aka sake ɗorawa, ingancinsa raguwa yake yi. Wanda ke da hoto mafi faɗi, mafi tsabta, mafi daɗewa, galibi shi ne mai shi. Mutum zai iya yanke hoto ya rage shi, amma da wuya ya ƙaro gefen da bai taɓa gani ba.

Sai dai ki kula da wani abu game da kwanan watan TinEye: ranar da injin ya fara cin karo da hoton yake nunawa, ba ranar da aka ɗauka ba. Hoton zai iya girmar wannan ranar, amma ba zai zama sabo fiye da ita ba. Saboda haka idan ya ce ya ga hoton shekara uku baya, zancen "sun sauka yau" ya rushe.

Ni kuma wata na haɗu da ita a Facebook, mun yi wata biyu muna hira, ta ce ma'aikaciyar jinya ce a Abuja. Zan iya bincika fuskarta haka?

Za ka iya, amma fuska ta fi kaya wuyar bi. Google ya taƙaita binciken mutane ta fuska da gangan, don haka sau da yawa zai nuna maka mayafi ko gilashi irin nata maimakon ita. TinEye kuma ba ya gane fuska kwata-kwata, kwafin hoton yake nema, ko da an yanke shi ko an canja masa launi. Yandex ne ya fi kawo fuskoki masu kama, kuma a nan sai ka yi hattara, domin kama da wane ba ta wane. Kada ka zargi baiwar Allah saboda injin ya kawo wata mai irin hancinta. Abin da zai zama hujja shi ne hoto ɗaya, kaya ɗaya, wuri ɗaya, amma suna daban.

Ka bincika hoton sau biyu. Na farko gaba ɗayansa. Na biyu ka yanke bayanta kawai: ginin da ta tsaya a gabansa, allon talla, lambar mota, irin soket ɗin da ke bango. A Lens za ka iya ja kusurwoyin akwatin ka zaɓi ɓangaren da kake so. Sau da yawa bango ne ke tona asiri. Wadda ta ce a Abuja take aiki, amma ginin bayanta ya fito a matsayin wani otal a Accra ko Khartoum, tana da bayanin da za ta yi.

Masu damfara da sunan soyayya suna son hotunan mutanen da ke saka hoto da yawa a fili, kamar 'yan fim, masu tallan kaya, likitoci da sojoji, domin su samu na turawa kullum. Hotunan sojojin Amurka sun daɗe ana yaudarar mata da su da sunan soyayya. Idan ka samu ainihin mai hoton, ka tuna ita ma an zalunce ta. Kada ka je shafinta da zagi. Sanar da ita cikin ladabi, ka kai ƙarar shafin bogin ta maɓallin Report.

Na bincika ko'ina ban samu komai ba. Hankalina ya kwanta ke nan?

A'a, kuma wannan ce amsar da na fi so a riƙe. Samun hoton a wani wuri hujja ce mai ƙarfi. Rashin samunsa ba ya wanke kowa.

Injunan nan abin da ke buɗe a fili kawai suke gani. Hoton da aka sata daga sitatus na WhatsApp, ko daga shafin Instagram da aka kulle, ko daga rukunin Facebook na sirri, ba ya cikin rumbunsu. Ko shafukan da ke buɗe ma ba duka suke kamawa ba. A wajenmu kuwa, inda yawancin ciniki da hira a WhatsApp ake yinsu, wannan giɓi babba ne. Wani kuma hoton daga cikin bidiyon TikTok aka ciro shi, don haka bai taɓa zama hoto a ko'ina ba.

Akwai kuma dabarar juya hoto, dama ta koma hagu. Idan ka ga rubutun riga ko na allo ya koma baibai, ka juya hoton da manhajar gyaran hoto ta wayarka ka sake bincikawa. Kyamarar gaba ma takan juya hoto, saboda haka wannan kaɗai ba laifi ba ne, dalili ne na sake gwaji.

Sannan ga fuskokin da na'ura ke ƙirƙira, na mutanen da ba a taɓa haifa ba. Tun 2019 akwai shafin da ke fitar da irinsu kyauta, kuma yanzu sun fi da kyau nesa. Irin wannan hoton ba shi da asalin da za a samo. Wani lokaci ɗan kunne na dama ya saɓa da na hagu, ko rubutun bango ya zama shirme, amma kada ka dogara da ganin waɗannan, sababbin ba sa yawan yin kuskuren.

To me zan yi bayan binciken?

Nemi abin da ɓarawon hoto ba zai iya bayarwa ba, wato sabon abu da kai ka zaɓa yanzu. Ga mai sayarwa, ka ce ta rubuta sunanka da kwanan watan yau a takarda, ta ɗora a kan kayan, ta ɗauki gajeren bidiyo tana buɗe yadin. Mai kaya a hannu minti biyu zai ɗauke ta. Idan ta ce shagon na Kwari ne, tambayi layi da lambar shago, ka tura wani naka da ke Kano ya leƙa. Duba kuma sunan da banki ke nunawa kafin ka tura kuɗi, ko ya dace da sunan da aka ba ka.

Ga wadda kuke hira, kiran bidiyo kai tsaye, a lokacin da kai ka zaɓa, kuma ya ɗan yi tsawo. Ka ce ta juya kanta gefe ko ta ɗaga hannu ta gaban fuska, domin bidiyon da aka naɗa ba zai amsa ba, fuskar da aka liƙa da na'ura kuma takan rikice a nan. Kyamara takan lalace sau ɗaya. Idan wata biyu kullum a lalace take, kuma maganar kuɗin asibiti ko na mota ta fara shigowa, ka dakata.

Idan kuɗi sun riga sun fita, kira bankinka nan take, kada ka jira gobe. Kafin a goge shafin, ɗauki hoton hirarku, da lambar asusun, da rasit, da shafin da ka samo ainihin hoton, ka haɗa su cikin ƙorafin da za ka kai wa 'yan sanda ko EFCC.