Barin zangon karatu ba hutu ba ne

Ɗalibai da yawa sun ɗauka janyewa daga zangon karatu da hutun da jami'a ta amince da shi duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne.

Ɗauki wanda rashin lafiya ta kama a mako na shida. In ya janye bayan wa'adin sauke kwasa-kwasai, a jami'o'i da yawa alamar W, mai nuna ya janye, ke hawa takardar sakamakonsa, kuɗin makaranta kuma ba lallai su dawo ba. In ya tafi shiru, galibi F zai tarar.

Shi hutu, rubuta buƙata ake yi, a haɗa takardar likita, a jira amincewa a rubuce. Gurbinsa na nan har ranar dawowa. Kafin takardar ta fito, ɗalibi ne mai rajista, kuma fashin jarrabawa na kansa.