Dala ta hau, wayar da ke cikin shago ma ta hau

Ni da naira nake sayen waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, ina ruwana da dala?

Kai da naira ka biya, amma wanda ya ɗauko wayar daga China ba ya iya biya da ita. Dole ya bi ta banki ko ta wajen 'yan canji, irin na Wapa, ya nemi dala ko yuwan. A ce kuɗin wayar a can dala 100 ne. A watan Mayun 2023, lokacin da dala ke wajen naira 750 a kasuwar bayan fage, naira 75,000 ta ishe shi. Da dala ta kai 1,500 a farkon 2024, sai ya nemo naira 150,000 kafin a ba shi wannan wayar dai. Ɗan China bai ƙara ko sisi ba, nairar ce ta rage ƙarfi.

Kuma ba a nan abin ya tsaya ba. Kuɗin jirgi da dala ake biya. Kwastam ma sai sun juya darajar kayan zuwa naira da farashin gwamnati kafin su yanka haraji. Wannan farashin na kwastam yana wajen 422 kafin Babban Bankin Najeriya ya bar kasuwa ta yanka wa naira farashi a watan Yunin 2023, daga baya ya ninka fiye da sau uku.

To tsohon kayan da mai shago ya saro da araha fa? Ba zalunci ba ne ya ƙara masa kuɗi?

Nan ne mutane suka fi jin haushi, amma a duba lissafin. Mai shago yana da waya 10 da ya saro a kan 75,000 kowace. Ya sayar a kan 85,000, ya tashi da naira 850,000, yana murna ya ci riba. Ya koma sari, kowace ta zama 150,000, kuɗinsa waya 5 kawai za su ɗauko da ɗan canji a sama. Rabin shagon ya tafi ke nan, ya ci uwar kuɗi bai sani ba. Shi ya sa ɗan kasuwa ke yanka farashi da abin da zai biya gobe. Akwai masu fakewa da dala su tsawwala, ba musu. Ana gane su idan ƙarin ya zarce hawan dalar nesa ba kusa ba.

Me ya sa idan dala ta sauko kaya ba sa saukowa?

Kayan da ke shago da waɗanda ke kan ruwa an riga an biya su da dala mai tsada, kuma kwantena kan yi makonni kafin ta iso Legas. Ga tsoro: a Afrilun 2024 dala ta sauko wajen 1,100, 'yan makonni kaɗan ta sake komawa kusa da 1,500. Wanda ya karya farashi a tsakani shi ya kwana a ciki.