Idan rahoto ya ce OR 3.5, kada ku ce haɗari ya ninka sau uku da rabi

'Yan uwana ma'aikatan lafiya, akwai kuskuren da nake yawan ji idan muna bayyana wa jama'a sakamakon bincike. Mutum zai ga an rubuta OR 3.5 a gaban shan taba, wato odds ratio, lambar da ke kwatanta rukuni biyu, sai ya tashi ya ce mai shan taba ya fi wanda ba ya sha haɗarin kamuwa da hawan jini sau uku da rabi. Sau da yawa ba haka lambar take nufi ba.

Yawancin tambayoyinmu amsarsu e ko a'a ce: ya kamu ko bai kamu ba, ta warke ko ba ta warke ba. Lissafin miƙaƙƙen layi bai dace da irin wannan ba, domin yana iya cewa yiwuwar kamuwa ta haura kashi 100 ko ta yi ƙasa da sifili, abin da ba zai taɓa yiwuwa ba. Shi ya sa ake amfani da lojistik rigireshan. Shi kuwa da abin da zan kira rinjaye yake aiki, wato adadin waɗanda suka kamu a raba da adadin waɗanda ba su kamu ba. Tsarinsa shi ne log(p/(1−p)) = b0 + b1x, inda p ke nufin yiwuwar kamuwa, x kuma abin da ake dubawa, kamar shan taba, sannan OR da kuke gani a rahoto exp(b1) ne. A manhajar lissafi ta SPSS za ku same shi a ƙarƙashin Exp(B).

Ga misali, lambobin kuma na koyarwa ne kawai. A ce cikin masu shan taba 100, mutum 60 na da hawan jini, 40 ba su da shi. Rinjayensu 60 a raba da 40, wato 1.5. Cikin marasa sha 100 kuma, 30 na da shi, 70 ba su da shi, rinjayensu kusan 0.43 ke nan. A raba 1.5 da 0.43, sai a sami kusan 3.5, wannan shi ne OR. To amma ku dubi mutanen da kansu: kashi 60 ne a nan, kashi 30 a can. Haɗarin sau biyu ya ninka. Wanda ya ce sau uku da rabi ya ƙara gishiri ba tare da ya sani ba.

Abin da ya jawo wannan tazara shi ne yawan ciwon a cikin mutanen. Da a ce mutum 6 ne cikin 1,000 suka kamu a ɓangare ɗaya, 3 cikin 1,000 a ɗayan, da OR ya zama kusan 2.01, daidai da ninkin haɗarin in ban da ɗan abin da ba a rasa ba. Don haka kafin ku buɗe baki, ku nemi kason da suka kamu. Idan bai kai kashi 10 cikin 100 ba, ana iya ɗaukar OR kamar ninkin haɗari. Idan ya wuce haka sosai, sai a yi ɗan lissafi: a ɗauki rinjayen marasa sha, 0.43, a ninka da 3.5, a sami 1.5, sannan a raba 1.5 da 2.5 (wato rinjayen da ƙarin ɗaya), sai kashi 60 ya dawo. Wannan ce maganar da jama'a za su gane: cikin mutum goma, shida maimakon uku.

Da wa aka kwatanta? Wannan ma sai an duba. Idan aka juya, aka auna marasa sha a kan masu sha, OR ɗin nan zai koma 0.29, alhali bayanan ba su canja ba. Haka nan abin da ake aunawa da lamba, kamar shekaru: OR 1.05 na ƙarin shekara ɗaya ne tak. Yana kama da abin rainawa, amma a shekara 10 sai a ninka shi da kansa sau 10, ya kai kusan 1.63.

Sai lambobi biyun nan da ke gefe, ƙarƙashin 95% CI, wato tazarar da ake sa ran ainihin OR yana cikinta. Idan sun fara daga 0.8 zuwa 6.0, to 1 na tsakaninsu, kuma 1 na nufin babu bambanci, saboda haka binciken bai tabbatar da alaƙar ba, ko da yake bai kore ta ba. Ni dai idan na ga OR 40 da tazara daga 2 zuwa 700, ba na ɗokinsa. Galibi waɗanda suka kamu ne ba su da yawa a wani rukuni, wataƙila mutum ɗaya ko biyu, kuma sai na ga ainihin adadinsu kafin in faɗa wa kowa komai.