"Babu kwantirol": abin da mai bitar mujalla yake nufi, da abin da bai ce ba

Tun da aka fara yawo da wani rahoton mai bita, wato masanin da mujalla ke ba wa takardar bincike ya duba kafin a buga ta, a tsakanin ɗaliban digiri na biyu masu nazarin ƙasar noma, magana ɗaya nake ji: wai an kashe aikin, wai hassada ce, wai duk takardar da aka rubuta wa "babu kwantirol" ta mutu ke nan. Ba haka ƙa'idar take ba.

Da farko, mai bita ba ya yanke hukunci. Shawara yake bai wa edita, edita ne mai karɓa ko mayarwa. In amsar da mujalla ta aiko maka Major Revision ce, wato a yi babban gyara a dawo da takardar, ƙofa a buɗe take, ba ɗaya take da Reject ba, wato ƙin karɓa. Ƙa'idar kwantirol kuwa, wato abin da ake kwatanta gwaji da shi, ta hau kan kowa, ɗalibi da farfesa, muddin mutum ya ce abu kaza ne ya jawo abu kaza.

Inda ake ruɗewa shi ne ma'anar kalmar kwantirol. Mu ɗauki irin gwajin da aka saba yi. Ɗalibi yana son ya nuna cewa gara da sauran ƙwarin ƙasa ne ke saurin ruɓar da karan dawa. Ya zuba gram 20 na busasshen kara a jakunkunan raga iri biyu. Masu manyan ƙofofi, milimita 5, gara na shiga. Masu ƙananan ƙofofi ba ta iya shiga, ya kuma barbaɗa musu kafur don ya kori ƙwari. Ya ajiye na farko a wani fegi, na biyu a wani. A ce bayan kwana 90 na farko saura gram 8, na biyu saura 14. Sai ya rubuta cewa bambancin gram 6 ɗin aikin gara ne, yana ganin jakar da gara ba ta shiga ba ita ce kwantirol ɗinsa.

Mai bita zai ce a'a, kuma yana da gaskiya. Kwantirol shi ne abin da ya yi daidai da gwajinka ta kowace fuska, in ban da abu ɗaya tak da kake tambaya a kansa. A nan abubuwa huɗu ne suka bambanta. Raga mai ƙananan ƙofofi tana riƙe laima, tana kuma tare gutsattsarin kara, alhali mai manyan ƙofofi tana zubar da su ko ba gara, ruwan sama kaɗai ya isa. Kafur ba ƙwari kawai yake taɓawa ba: ƙwayoyin halittar ƙasa da ido ba ya gani, waɗanda su ma ruɓarwa suke yi, wasunsu ci suke yi daga gare shi, sai aikinsu ya sauya. Ga fegin ma daban ne, ƙila ɗaya jigawa, ɗaya kusa da fadama. To a cikin gram 6 ɗin nan, nawa ne na gara? Ba wanda zai iya rantsuwa.

Maganar fegi ita ce ta fi cizo. Ko jaka talatin ka binne a fegi ɗaya, ba ka maimaita gwaji sau talatin ba, fegi ɗaya ka auna sau talatin. Masanin muhalli Stuart Hurlbert ya yi dogon bayani kan wannan kuskure tun 1984, har yau masu bita na kama mutane da shi.

Abin da irin wannan rahoto ke nema ba ɓoyayye ba ne. A gauraya jakunkunan iri biyu a kowane fegi, a yi fegi da yawa, ƙuri'a ta zaɓi wurin kowace jaka. In za a sa kafur, a raba shi da maganar raga: kowace irin raga a samu mai kafur da marar kafur. A sa wasu jakunkuna a ɗauke su a ranar, don a san abin da ke zubewa wajen ɗauka da ajiyewa. Sannan a buɗe jakunkunan a ƙirga ƙwarin da ke ciki, a duba ginin laka da gara ke yi a jikin kara, domin a tabbatar wadda aka ce an hana ta shiga ba ta huda ragar ba. Gara kan yi hakan.

Nauyin hukuncin shi ne lissafi ba ya gyara wannan. Kwantirol da ba a binne ba a damina, kwamfuta ba za ta haifar da shi da rani ba. Ga ɗalibin da ya yi aikin da kuɗin aljihunsa, jiran wata damina shekara ce guda, kuma ina ganin da sashensa ya duba tsarin kafin a haƙa rami na farko, da ba a kai nan ba.

In sake gwajin ba zai yiwu ba, a rage iƙirarin zuwa abin da aka auna: kara ya fi raguwa a raga mai manyan ƙofofi, an kuma ga gara a ciki. A cire "gara ce ta jawo", a faɗi gibin a fili. In kuma kwantirol ɗin yana nan mai bita ne bai gani ba, a rubuta wa edita cikin ladabi, a nuna masa shafi da layi.